Akwatin agajin farko a gidan Legas: abin da zai ɗauka, da yadda ake gane laima ta cinye shi

Abin da ake kira akwatin magani a yawancin gidajenmu na Agege, Idi-Araba da Alaba Rago ragowar jinyar bara ce aka tara a leda. Akwai rabin katin maganin maleriya da maigida bai ƙarasa ba, da kafso ja da yalo guda uku, da kwalbar maganin tari wadda murfinta ya manne, da wasu fararen ƙwayoyi a ƙullin takarda waɗanda duk gidan ba wanda zai iya rantsewa na mene ne. Ranar da yarinya ta yanke da reza, ko tafasasshen ruwa ya zubo wa yaro, a juye ledar kaf ba a samu abin da za a danne jini da shi ba.

Aikin akwatin nan ƙarami ne, kuma ƙanƙantar tasa ce ke nuna abin da ya kamata ya shiga ciki. Aikinsa shi ne ya riƙe mutum daga lokacin da abu ya faru zuwa lokacin da zai isa hannun ma'aikacin lafiya. A Legas wannan tazarar tana da tsawo. Asibitin koyarwa na LUTH yana Idi-Araba, na LASUTH yana Ikeja, na ƙashi yana Igbobi, a taswira duk kusa suke, amma cunkoson motoci na iya mayar da tafiyar minti ashirin ta koma ta awa biyu. Tun 2022 aka hana acaba a ƙananan hukumomi da dama, layuka da yawa ana kulle ƙofofinsu da tsakar dare, ranar da aka kwana ana ruwa kuma titin ma ya zama kogi. Don haka kafin a sayi komai a tambaya: me ya fi faruwa a gida wanda jinkirin awa ɗaya ko biyu zai sa ya ɓaci? Amsar ba ta wuce zubar jini, ƙuna, zazzaɓin yaro da gudawa ba. Duk abin da bai taɓa ɗaya daga cikin waɗannan huɗu ba, ko ciwon da aka san wani a gidan yana da shi, zai iya jira gari ya waye a je famasi.

Na rauni ya fi sauƙi, kuma yawancinsa ba magani ba ne. Ana buƙatar goz, wato farin ƙyallen nan mai raga-raga da ake sayarwa a rufe cikin takarda, kamar fakiti goma. Sai bandejin naɗi biyu ko uku, da mai roba guda ɗaya saboda targaɗe, da naɗin filasta, da ƙananan filastocin yanka, da safar hannu kamar ƙafa huɗu, da almakashi, da hantsaki na cire ƙaya ko tsinin kwalba, da sabulu, da 'yar kwalbar aidin mai ruwan ƙasa. Auduga ta goge gefen ciwo ce kawai. Idan aka ɗora ta a kan ciwon, zarenta ya manne, gobe wajen cirewa a sake ɓarke abin da ya fara haɗewa. Jini ana tsayar da shi ne da dannewa: a ɗora goz, a danna da ƙarfi minti goma cur ana kallon agogo, ba a ɗagawa a leƙa. In ya jiƙe a ƙara wani a kansa, kada a cire na farkon. Idan ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa, a shafa aidin a kewayensa, a rufe. Sifirit da ake tuttulawa a cikin ciwo raɗaɗi yake ƙarawa, yana kuma ƙona naman da zai warke. Idan jinin yana tsartuwa, ko ya ƙi tsayawa bayan an danne, ko bakin yankan ya wage, a tafi ana danne da shi. Wanda ƙusa ta huda ko tsohon kwano ya yanka yana buƙatar a duba masa batun allurar tetanus, wadda ba ta zama a akwatin gida.

Ita ƙuna maganinta na farko ba ya cikin akwatin ma. Ruwa ne, mai sanyi irin na famfo ko na randa, a yi ta kwararawa a wurin har minti ashirin. Minti ashirin yana da tsawo idan yaro yana tsala ihu, shi ya sa ake gajiya a minti biyu a koma neman man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko baƙin mai. Duk waɗannan suna rufe zafin a cikin nama, suna kai ƙazanta, a asibiti kuma sai an kankare su kafin a ga zurfin ƙunar. Ƙanƙara ma ba a sa ta. A cire zobe ko awarwaro da wuri kafin wurin ya kumbura, kada a fasa bororon da ya taso, kada a fizge tufar da ta manne. Abin da akwatin zai bayar shi ne ledar nan mai laushi da ake rufe abinci da ita, a shimfiɗa ta a kan wurin ba tare da an ɗaure tamau ba, domin ba ta mannewa kuma likita yana iya gani ta cikinta. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta taɓa fuska, hannu, gaba ko gaɓa, ko ta yi fari fat ba ta zafi, ko ta wutar lantarki, ta asibiti ce ko da mai ita ya ce ba komai. Ta ƙaramin yaro ma gara a kai a gani.

Zazzaɓi da gudawa su ne inda akwatin yake ceton rai, su ne kuma inda kuskuren awo yake yin ɓarna, don haka bari mu bi dare ɗaya daki-daki.

A ɗauka gidan haya ne a Agege, cikin watan Yuni, ƙarfe biyu na dare, ba wuta, ana ruwa. Yaro ɗan shekara biyu ya yi gudawa sau huɗu tun isha'i, ya yi amai sau ɗaya, jikinsa rau. Abu na farko da uwar za ta ɗauko tocila ce, wadda ya kamata ta zauna a cikin akwatin, sai ma'aunin zafin jiki mai batir. Ta sa shi a hammata mai bushe, ta matse hannun har ya yi ƙara. Ya nuna 38.6. A hammata, daga 37.5 zuwa sama zazzaɓi ne. Tafin hannu ba ya bambanta 38 da 40, kuma wannan lambar ce likita zai fara tambaya da safe, saboda haka a rubuta ta da lokacinta.

Farasitamol na yara da nauyi ake auna shi: miligiram 15 a kowane kilo. A murfin akwatin daga ciki an manna takarda mai sunan kowane yaro da nauyinsa na awon ƙarshe, ta nuna kilo 12. Sha biyu sau sha biyar, miligiram 180 ke nan. Kwalbar ta ce kowane mililita 5 yana ɗauke da miligiram 120, wato yaron zai sha mililita bakwai da rabi. Ta ja shi da sirinji marar allura, ta ɗura ta gefen kunci a hankali. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, wani ya ɗebi mililita uku, wani bakwai, shi ya sa sirinjin yake cikin kayan dole. Ba za ta sake ba shi ba sai bayan awa huɗu zuwa shida, kuma ba zai wuce sau huɗu a awa 24 ba.

Akwai tarko biyu a nan. Farasitamol na jarirai da ake ɗigawa yakan zo da miligiram 100 a mililita ɗaya tak, wato ya ninka na sha fiye da sau huɗu a ƙarfi. Wadda ta saba da bakwai da rabi, in ta ja haka daga kwalbar ɗigo, ta ba yaro miligiram 750 a zama ɗaya. Kullum a karanta ƙarfin da ke jikin kwalbar da ke hannu, kada a dogara da awon waccan da ta ƙare. Na biyu, magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna da farasitamol a cikinsu. A ba da wannan, a ƙara da wancan, an ninka ba a sani ba, hanta ce kuma take biya, ba ta kuma nuna alama sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Ga babba ma dokar ke nan: ƙwaya ɗaya ko biyu masu miligiram 500, ba a wuce takwas a yini da dare.

Ibufurofen yana sauke zazzaɓi, amma a wannan daren ba za a taɓa shi ba, domin yaron da ruwa ke fita daga jikinsa ƙodarsa tana cikin matsi, shi kuma yana ƙara mata. Haka mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar shi sai da izinin likita. Asfirin kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba.

Abin da zai iya kashe yaron nan kafin asuba ƙarewar ruwan jiki ce, zazzaɓin na biye. Nan ne garin ORS yake shigowa, wato garin gishiri da sukari da ake kaɗa wa mai gudawa, wanda a ganina shi ne abu mafi daraja a akwatin duka, ga shi kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A ajiye ƙunshi shida aƙalla. Yawancinsu na lita ɗaya ne, amma a duba jikin ledar. Ruwan leda da muke sha yawanci rabin lita ne, don haka leda biyu a jug mai tsabta su ne lita ɗaya. A juye garin gaba ɗaya. Masu raba shi biyu da ido, ko masu zuba shi a kofi ɗaya don ya yi ƙarfi, suna ba yaro gishirin da ya fi ƙarfin jikinsa. Ba a ƙara masa sukari ko lemo, ba a tafasa shi bayan an haɗa, abin da ya kwana awa 24 kuma a zubar a haɗa sabo. Yaron da bai kai shekara biyu ba yana shan mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, daga biyu zuwa goma kuma 100 zuwa 200. Namu zai sha kamar rabin kofi zuwa kofi guda, cokali-cokali, kowane minti ɗaya ko biyu. In ya amayar, a dakata minti goma a ci gaba a hankali fiye da da. Mai shan nono ya ci gaba da sha.

Abokin tafiyarsa zinki ne: miligiram 20 sau ɗaya a rana ga wanda ya wuce wata shida, rabin haka ga wanda bai kai ba, kwana goma zuwa sha huɗu ko da gudawar ta tsaya a kwana na biyu. Ƙwayar tana narkewa a cokalin ruwa ko na nono. Yana rage tsawon gudawar, yana kuma rage dawowarta a watannin gaba. Idan aka wayi dare ORS ɗin ya ƙare, ana haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba tuli ba, a lita ɗaya, kafin a samo na gaske.

Duk wannan riƙo ne kawai, dole uwar ta san inda ya ƙare. Idan yaron ya kasa sha, ko duk abin da ya shiga sai ya dawo, ko ya yi laushi yana wuyar tashi, ko idanunsa sun faɗa, ko an tsunkuli fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, ko akwai jini a kashin, ko ya yi jijjiga, ba a jiran asuba. A buga wa maƙwabci mai mota ko mai Keke ƙofa, a tafi da jug ɗin ana ba shi a hanya. Gudawa fara mai kama da ruwan wankin shinkafa, tana zuba ba ƙaƙƙautawa, alamar kwalara ce, wadda ta ɓarke a Legas a daminar 2024, ita ko babba tana iya kayar da shi cikin awoyi. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa dalilin tafiya. Lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767, su kasance a rubuce a takardar murfin, tare da lambar mai motar da aka san zai ɗaga waya da dare.

Za a ce ina maganin maleriya? Ra'ayina shi ne gida a Legas ya ajiye abin gwajin nan na ɗigon jini guda biyu ko uku, idan akwai wanda aka koya wa amfani da shi, maganin kuma a saye shi bayan gwaji. Ana karanta shi a lokacin da takardarsa ta faɗa, yawanci minti 15 zuwa 20. Layi biyu, akwai maleriya. Layi ɗaya a gurbin C, babu. In layin C bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake da wani. Yana kuma iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an warke, don haka wanda ya gama magani kwanan nan kada ya dogara da shi. Abin da ke faruwa idan maganin yana ajiye a gida sananne ne: kowane ciwon kai sai a ɓalli ƙwaya huɗu, a ji sauƙi, a bar sauran. Shan nan sau shida ne cikin kwana uku, wanda ya tsaya a na biyu bai gama da cutar ba, ya kuma bar rabin kati da zai yaudari na gaba.

Bayan waɗannan, maganin ƙaiƙayi da borin jini kati ɗaya ya isa, a tuna firiton yana sa barci, direba da mai tuƙa Keke su kiyaye. Sai abin da ya keɓanta da gidan. Mai asma ya samu abin shaƙa na biyu da ba a taɓa ba. Mai sikila, mai hawan jini da mai ciwon suga, a rubuta sunayen magungunansu da awonsu a takardar murfin, amma na shan kullum su zauna daban. Insulin wurinsa firji, ba cikin gidan ƙanƙara ba.

Waɗanda za su fita kuwa, na farko duk ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, su amfikulos da filajil da tetarasaikilin. Yawancin gudawar yara ba ta buƙatarsu, na ruwa da aka kaɗa kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne, kamar mako guda. Sai taramol da duk sirof mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Sai allurai. Sai haɗin da ake ƙullawa a leda, na mai kwali a ka ko mai talla a cikin bas, wanda ba suna, ba kwanan wata. Maganin tsayar da gudawa na manya ba a ba ƙananan yara. Maganin sauro da na ɓera, da kananzir a gorar lemo, kada su kusanci inda akwatin yake. In yaro ya sha kananzir ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja ko madara, domin aman ne ke kai shi huhu. A ɗauke shi da gorar a tafi asibiti.

Saura batun dubawa, wanda a nan Legas ya bambanta da Kano ko Sakkwato. Kwanan watan ƙarewa da ke jikin magani alkawari ne mai sharaɗi: kamfani ya ce zai kai wannan lokaci idan yana rufe, a busasshen wuri, a zafin da bai wuce wanda aka rubuta ba, yawanci digiri 30, wasu ma 25. Ɗaki mai rufin kwano, ba silin mai kyau, ba wuta, a watan Maris yana haye wannan da rana. Ga laimar da take sa takalmin fata ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Saboda haka magani na iya mutuwa alhali takardarsa tana cewa saura shekara.

Wurin ajiya shi ne rabin aikin. Robar da murfinta ke kamawa gam ta fi kwali da gwangwani, kwali yana shan laima, gwangwani yana tsatsa. A jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Kada a ajiye a kicin, ko banɗaki, ko bakin taga, ko saman firji inda zafin inji ke tashi, ko ƙasa inda ambaliya za ta same shi. Saman durowa a jikin bangon da rana ba ta duka, inda hannun yaro ba ya kai ko ya taka kujera. Idan an sa kwaɗo, kowane babba a gidan ya san inda makullin yake, har da wadda ake bar wa yara.

Ana yawan cewa a duba duk wata shida. A wannan garin na fi ganin duk wata uku, da kuma duk ranar da aka yi amfani da wani abu. Na watan Maris ya fi kowanne muhimmanci, saboda an fito daga zafi za a shiga damina, lokacin gudawa da sauro. A shimfiɗa tabarma da rana, a juye komai, a bi ɗaya-ɗaya da alƙalamin maka a hannu.

Wata maƙwabciyarmu ta kawo mini tata robar na duba mata, abin da muka gani ya isa misali. Katin farasitamol na farko an rubuta MFD 03/2023, ta ce, "Yaya, ai wannan ya daɗe da mutuwa." Wannan ranar yinsa ce. Ta ƙarewa ita ce mai EXP a gabanta, kuma in wata da shekara kawai aka sa, har ƙarshen watan ake nufi. Nasa da saura, amma da muka ɗaga katin a hasken rana, gurbi biyu takardar azurfar ta huje, ƙwayoyin ciki sun yi ɗigo-ɗigon rawaya, ɗaya ta kumbura tana marmashewa. Waɗannan biyun muka fitar. Wani katin an yanke shi da almakashi a kemis, ɓangaren kwanan watan ya tafi da wani mai saye, shi ma ya fita, tun da ba yadda za a san shekarunsa. Idan za a sayi rabin kati, a roƙi ɓangaren da ke da rubutun, ko a kwafe kwanan watan a jikinsa tun a gaban mai shagon.

ORS ɗinta guda huɗu ne. Biyu da aka girgiza sun yi ƙarar gari, biyu sun dunƙule sun yi tauri, da muka farke ɗaya ya koma ruwan ƙasa-ƙasa yana danƙo. Laima ta shiga ta wata 'yar huda da ido ba ya gani. Sirof ɗin yara kuma sukari ya daskare a wuyansa, launinsa ya yi duhu, ba wanda ya tuna ranar da aka buɗe shi. Nan amfanin makar yake: duk kwalbar da aka buɗe a rubuta ranar a jikinta, a bi abin da takardarta ta ce game da bayan buɗewa. Maganin ɗigon ido kwana 28 ne bayan buɗewa, komai yawan abin da ya rage. Asfirin in ya lalace warinsa yakan yi tsami mai hawa hanci. Kafso sukan manne da juna. Man shafawa yakan rabu, ruwa ya riga fitowa.

Kayan da ba magani ba su aka fi mantawa, su ne kuma suka fi saurin mutuwa. Na yanki filastarta na manna a bayan hannu, kafin na juya ta faɗo, gam ɗin ya narke ya koma jikin naɗin. Safar hannu da na ja ta tsage nan take. Goz ɗin da takardarsa ta yage ko ta yi tabon ruwa ya daina zama tsarkakakke, a mayar da shi na goge-goge. Bandeji mai roba a ja shi a ga ko yana komawa. Almakashi a yanka ƙyalle da shi. Ma'aunin zafi a kunna, a auna lafiyayyen mutum, ya kamata ya nuna tsakanin 36 da 37. Tocila a cire mata batir a ajiye su a gefenta cikin leda, domin a laima suna zubar da ruwa su cinye ƙarfen. Ɗan batirin ma'aunin zafi mai kama da maɓalli kuwa, in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin awoyi, kada a bar na canji yana yawo.

Duk abin da saura wata uku ya ƙare a zagaye kwanansa da maka a sa shi a sama. Sannan a gyara takardar murfin, musamman nauyin yara. Yaron da yake kilo 12 a Maris ba lalle ya tsaya nan a ƙarshen shekara ba, sikelin da ke cibiyar rigakafi ko famasi ya isa.

Wajen maye gurbin abin da ya fita, a saya a famasi ko kemis mai rajista, wanda kayansa ba a rana suke ba. A duba lambar rajistar NAFDAC, a tabbatar lambar rukuni da kwanan watan da ke kwali sun yi daidai da na katin ciki, ba alamar an kankare ko an manna wani a kai. Mai ɗan wurin kankarewa a jikinsa, a kankare a tura lambar ta saƙon waya zuwa lambar da aka buga a kwalin, a jira amsa kafin a bar shagon. Waɗanda suka lalace kuma ba a wurga su bola da kwalinsu, akwai yara masu tsince-tsince, akwai kuma masu neman kwali da kwalba su sake cikawa. A tambayi famasin ko suna karɓa. In ba sa karɓa, a ɓalle ƙwayoyin a cakuɗa da ƙasa a leda a ƙulle, a yage kwalin, a kankare takardar jikin kwalbar kafin a sa a shara.